Yadda Ake Fitar da Iyakokin Gwajin Jini Daga Masu Lafiya, da Mutum Nawa Ake Buƙata

Iyakokin da ke gefen sakamako a takardar gwaji, waɗanda likita ke dubawa ya ce abu ya hau ko ya sauka, galibi daga takardar kamfanin sinadari aka kwafo su, kuma da jinin mutanen wata ƙasa aka fitar da su. Idan ɗakin gwajinku zai fitar da nasa, ga yadda ake yi bisa ƙa'idar EP28-A3c ta CLSI, cibiyar da ke tsara ƙa'idojin ɗakunan gwaji. Za mu bi misalin kiriyatinin, gwajin aikin ƙoda.

A fara da raba rukuni, domin shi ke yanke yawan mutane. Kiriyatinin yana bin yawan tsoka, saboda haka maza daban, mata daban, kuma kowane rukuni yana buƙatar mutum 120 nasa. Wato 240 ke nan. A nemi kamar 140 a kowane ɓangare, don ba a rasa waɗanda za a cire.

Sai tantance masu lafiya, kuma nan aikin ya fi lalacewa. Bayan izinin kwamitin ɗa'a da amincewar kowa a rubuce, a cike takardar tambayoyi. A cire mai ciki, mai hawan jini, mai ciwon suga, mai sikila, wanda bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba, da mai shan magani kullum, har da na gargajiya. Kada a tsaya ga ma'aikatan asibiti da ɗalibai don sun fi kusa. Samari ne akasari, iyakarsu ba za ta dace da dattijo ba. A ɗebi jinin da safe, a kuma gaya musu kada su ci nama da yawa a daren, domin tsire ko kilishi kan ɗaga kiriyatinin na wasu sa'o'i. A auna da na'ura da sinadarin da ake yi wa marasa lafiya aiki da su, a raba aikin cikin kwanaki.

Da sakamako ya kammala, a jera shi daga ƙarami zuwa babba, a duba bakin layin. A ce mafi girma 160 µmol/L ne, mai bi masa 113, mafi ƙanƙanta 58. Ratar 160 da 113 ita ce 47, faɗin duka kuwa 102. Tunda 47 ta kai kashi ɗaya cikin uku na 102, dokar Dixon ta ce a cire shi. A nemo wani ya cike gurbin, shi kuma mai 160 a tura shi ga likita.

Abin da ake nema shi ne kashi 95 na tsakiya, a bar kashi 2.5 a kowane gefe. Matsayin iyakokin a layi, inda n ke nufin yawan mutanen rukunin:

```
0.025 × (n + 1) = 3.025
0.975 × (n + 1) = 117.975
```

Wato na 3 da na 118 idan n ya zama 120. Idan na 3 ya ba da 62, na 118 ya ba da 106, iyakar maza ita ce 62 zuwa 106.

To me ya sa 120? Da mutum 39 ma lissafin zai fita, amma iyakokin za su zama mutum na farko da na ƙarshe, ba yadda za a san ko sun tsaya da ƙafarsu. Da 120 ne ake iya faɗin tazarar tabbaci ta kashi 90 a kan kowace iyaka, wato tsakanin inda ake da tabbacin kashi 90 cewa ainihin iyakar take: ta ƙasa tana tsakanin na 1 da na 7, ta sama tsakanin na 114 da na 120.

Wannan tazara ce ke gaya maka ko 120 ɗin sun isa. Ana so kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na faɗin iyakokin. A misalinmu faɗin 44 ne, kashi ɗaya cikin biyar ɗinsa 8.8. Idan na 1 ya ba da 58, na 7 ya ba da 65, tazarar 7 ce, ta yi. A sama kuwa, idan na 114 ya ba da 101, na 120 ya ba da 113, ta kai 12, ta yi faɗi. Gefen sama ya saba yin haka, musamman a gwaje-gwajen hanta irin ALT da sakamakonsu ke da doguwar wutsiya. Tazarar ba ta raguwa daidai da ƙarin mutane: kafin ta ragu da rabi sai an ninka su sau huɗu. Daga 12 zuwa 8.8, a ƙiyasce ana buƙatar kusan maza 225.

Ɗakin gwajin da ba shi da wannan hali yana iya tabbatar da iyakar da ya aro, muddin hanyar awon ɗaya ce. A auna masu lafiya 20 a kowane rukuni. Idan waɗanda suka faɗa waje ba su wuce 2 ba, a karɓa. Idan 3 ne ko 4, a sake da wasu 20 sababbi. In aka sake samun fiye da 2 a waje, a binciki na'urar, sannan a shirya tara 120 ɗin.