Darasi na Bakwai: Farashin Takardar Lamuni da Abin da Ke Karya Shi

Takardar lamuni shaida ce ta bashi. Kai ne ka ranta wa gwamnati ko kamfani kuɗi, su kuma suka rubuta maka alkawari biyu: za su riƙa biyanka wani kaso a lokutan da aka yanka, kuma ranar da wa'adi ya cika su mayar maka da uwar kuɗinka. A Najeriya, Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ne ke fitar da takardun Gwamnatin Tarayya. Tun 2017 yake sayar da wata ta masu ƙaramin ƙarfi, wadda ake iya shiga da naira 5,000, mai wa'adin shekara 2 ko 3. A shekarar ne kuma aka fitar da sukuk na farko na Gwamnatin Tarayya, na naira biliyan 100, don aikin hanyoyi. Mai sukuk kuɗin haya yake karɓa, ba kuɗin ruwa ba, shi ya sa mutanenmu da yawa suka fi natsuwa da shi. Sai dai in an zo sayarwa kafin wa'adi, lissafin farashin duk hanya ɗaya yake bi, kuma shi ne darasinmu na yau. Kowa ya fito da kalkuletarsa, ko ta waya ma ta isa.

Takardar da za mu yi aiki da ita

A ce wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Tudun Hatsi, cikin garin Gombe, ta sayi takarda ta naira 100,000. Wa'adinta shekara 3, tana biyan kashi 10 cikin ɗari sau ɗaya a shekara. Mun zaɓi waɗannan lambobi ne don sauƙin lissafi. Ga abin da zai shigo hannun ma'aji: ƙarshen shekara ta farko naira 10,000, ƙarshen ta biyu naira 10,000, ƙarshen ta uku naira 110,000, wato kason shekarar haɗe da uwar kuɗi.

Waɗannan biyan uku a rubuce suke, ba sa motsi. Abin da ke motsi shi ne ribar da kasuwa ke bayarwa a yau ga duk mai kuɗin da zai sa a takarda irin wannan. Za mu riƙa ce mata ribar kasuwa. A riƙe bambancin nan da kyau: kason takarda an yanka shi tun ranar fitarwa, ribar kasuwa kuwa kullum tana iya hawa ko sauka.

Nawa kuɗin baɗi yake a yau?

In ribar kasuwa kashi 10 ce, naira 100 ta yau za ta zama 110 baɗi. Wato an ninka ta da 1.10. To in muna son sanin darajar kuɗin baɗi a yau, sai mu koma da baya, mu raba da 1.10. Kuɗin da zai zo bayan shekara biyu a raba shi sau biyu, na shekara uku sau uku. A kalkuleta ba sai ka nemi wani maɓalli na musamman ba. Rubuta kuɗin, danna alamar rabawa, sa 1.10, danna daidai, sannan ka maimaita.

```
10,000 ÷ 1.10 = 9,091
10,000 ÷ 1.10 ÷ 1.10 = 8,264
110,000 ÷ 1.10 ÷ 1.10 ÷ 1.10 = 82,645
```

Haɗa ukun, za ka samu naira 100,000 cif. Wannan jimla ita ce farashin takardar. Ba mamaki ta zo daidai da abin da aka rubuta a kanta, tunda takardar na biyan kashi 10, kasuwa ma kashi 10 take bayarwa.

Ranar da ribar kasuwa ta hau

Yanzu a ce tawadar rasit ba ta gama bushewa ba, sai sababbin takardu masu shekara 3 suka fito suna biyan kashi 12. Irin wannan yakan biyo bayan Babban Bankin Najeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwansa don yaƙi da tsadar kaya. An gani kwanan nan: daga kashi 11.5 a farkon 2022, ma'aunin ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024.

A nan ne tambaya takan taso a aji. Wata dattijuwa ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai gwamnati ba ta rage mana ko kwabo ba. Ta ina asarar ta shigo?"

"Hajiya, in ke ce mai saye fa? Ga sabuwa tana ba ki 12,000 a shekara, ga tsohuwa tana ba ki 10,000, kuma kowacce an ce ki biya 100,000. Wacce za ki ɗauka?"

"Sabuwar mana. Tsohuwar sai in an yi mini ragi."

Ragin nan shi za mu lissafa. Aikin ɗazu ne, sai dai yanzu da 1.12 za mu raba.

```
10,000 ÷ 1.12 = 8,929
10,000 ÷ 1.12 ÷ 1.12 = 7,972
110,000 ÷ 1.12 ÷ 1.12 ÷ 1.12 = 78,296
```

Jimla naira 95,197. Farashi ya sauka da naira 4,803. Dubi inda faɗuwar ta fi yawa: biyan farko ya rasa naira 162 kacal, na biyu 292, amma na ƙarshe shi kaɗai ya rasa 4,349. Kuɗin da ya fi nisa, kuma ya fi yawa, shi ya fi jin jiki, domin sau uku aka raba shi da lamba mafi girma.

In ƙungiyar ta riƙe takardarta har wa'adi, za ta karɓi 10,000, da 10,000, da 110,000 kamar yadda aka yi alkawari. Asarar 4,803 tana tabbata ne in bukata ta taso, misali kaka ta yi ana son kuɗin sayen masara da wake, dole a sayar yau. Amma kada mai riƙewa ya ce shi bai rasa komai ba. Shekara uku zai yi yana karɓar kashi 10 alhali maƙwabcinsa na karɓar 12.

Matsakaicin jira

Za a so a san tun kafin a saya ko takarda mai saurin faɗuwa ce. Wa'adi kaɗai bai isa ya nuna ba, tunda ba duka kuɗin ke jiran ƙarshen shekara ta uku ba, wani yana dawowa tun da wuri. Wani masanin tattalin arziki, Frederick Macaulay, ya fito da hanyar auna wannan a 1938. A ɗauki darajar yau ta kowane biya, a ninka ta da shekarar da zai zo, a haɗa, a raba da farashi. Mu koma lambobinmu na kashi 10.

```
9,091 × 1 = 9,091
8,264 × 2 = 16,528
82,645 × 3 = 247,935
273,554 ÷ 100,000 = 2.74
```

Matsakaicin jiran wannan takarda shekara 2.74 ne, wato kusan shekara biyu da wata tara. Ya matso kusa da 3 saboda mafi yawan kuɗin yana ƙarshe, amma bai kai ba saboda biyan farko da na biyu sun ɗan jawo shi baya.

Saura mataki ɗaya. Raba 2.74 da 1.10, za ka samu 2.49. Wannan lamba ita ce mai amfani a kasuwa. Ma'anarta: duk lokacin da ribar kasuwa ta ƙaru da kashi 1, kamar daga 10 zuwa 11, farashi zai sauka da kimanin kashi 2.49 cikin ɗari. In ribar ta ragu da kashi 1, farashi ya hau da kusan hakan.

Mu gwada ta. Daga 10 zuwa 12 ƙarin kashi 2 ne. Ninka 2.49 da 2, ka samu kashi 4.98, wato naira 4,980 a cikin 100,000. Cikakken lissafinmu ya ce 4,803. Tazarar naira 177 ce, ba laifi ga lissafin da aka yi a tsaye.

Amma a san iyakarta. Kiyasi ne, kuma yana ƙara kaucewa in tsallen ya yi girma. Daga 10 zuwa 11, kiyasi ya ce 2,490, ainihin faɗuwar 2,444, kusan ɗaya. Daga 10 zuwa 20 kuwa kiyasi zai ce 24,900, alhali farashin na tsayawa ne wajen 78,935, faɗuwar kimanin 21,065. Dalili shi ne, yayin da riba ke hawa, kowane ƙarin kashi 1 yana cin farashi ƙasa da wanda ya gabace shi, kiyasin kuwa yana ɗauka duk ɗaya suke. Don haka in riba ta hau, kiyasin yakan zuzuta asarar. A ganina, in canjin ya wuce kashi 2, a daina ƙiwa a zauna a yi cikakken lissafi.

Babban amfanin lambar shi ne kwatanta takarda da takarda. Da ƙungiyar ta sayi mai shekara 10, ita ma ta 100,000 mai biyan kashi 10, matsakaicin jiranta zai kai shekara 6.76. Hawan nan daga 10 zuwa 12 zai mayar da ita wajen naira 88,700. Faɗuwar 11,300 ke nan, fiye da ninki biyu na ta mai shekara 3. Kuɗin da ake sa ran taɓawa nan kusa bai kamata a kai shi doguwar takarda ba.

Yadda za ka gane ka kauce

Kuskuren da ya fi yawa shi ne manta uwar kuɗi a shekarar ƙarshe, sai farashi ya fito wajen dubu ashirin da wani abu. Na biyu, wasu kan ce kashi 12 sau uku 36 ne, su raba da 1.36 sau ɗaya. Ba haka ba ne, rabawa uku a jere daidai take da rabawa da kusan 1.405. Kafin ka yarda da amsarka, duba abu biyu. In ribar kasuwa ta fi kason takarda, dole farashi ya gaza abin da aka rubuta a kanta. Matsakaicin jira kuma ba ya wuce wa'adi. In ka samu 3.4 a takarda mai shekara 3, koma ka sake.

Takardun gaske ba sau ɗaya suke biya a shekara ba. Manyan takardun Gwamnatin Tarayya duk wata shida ne, ta masu ƙaramin ƙarfi kuma duk wata uku. Hanyar ba ta canja ba. Ga mai wata uku, raba kason da ribar kasuwa gida huɗu, shekara 3 ta zama biya 12. In ka fitar da matsakaicin jira, amsar a zangon wata uku-uku take, sai ka raba da 4 ta koma shekaru. Sannan ka tambayi dillalin hannun jari nawa ne la'adarsa, domin daga kuɗinka za a cire.

Aikin gida

Takarda ta naira 50,000, wa'adi shekara 2, tana biyan kashi 10 sau ɗaya a shekara, ribar kasuwa kashi 10. Nemo matsakaicin jiranta. Sannan ribar kasuwa ta koma kashi 12: yi kiyasin faɗuwar, kuma ka fitar da ainihin sabon farashi.

Don duba aikinka: matsakaicin jira shekara 1.91, in an raba da 1.10 ya zama 1.74, kiyasin faɗuwa naira 1,740. Sabon farashi naira 48,310, wato ainihin faɗuwar naira 1,690.