Yadda ake lissafa raguwar darajar kadara: raba daidai ko cire kaso daga saura

Kafin ka fara lissafi, tanadi abu uku: kuɗin da kadarar ta ci har ta fara aiki, shekarun da za ta yi tana aiki, da abin da za a saye ta idan ta tsufa. Mu ɗauki janareta mai amfani da dizal da aka saya N1,850,000, aka kashe N150,000 wajen dako da girkawa. Kuɗinsa a littafi N2,000,000 ke nan, domin dako da girkawa suna cikin kuɗin kadara. Man da za a zuba masa da sabis na wata-wata ba sa ciki. Ana sa ran zai yi shekara 5, sannan a sayar da shi N200,000.

Hanya ta farko ita ce raba daidai. Cire N200,000 daga N2,000,000, saura N1,800,000. Raba wannan gida 5, ka samu N360,000. Abin da za ka riƙa cirewa ke nan kowace shekara, ba ƙari ba ragi.

Hanya ta biyu ta fi son natsuwa. Shekara 5 na nufin kashi 20 cikin 100 a shekara; a salon da aka fi amfani da shi, ana ninka wannan ya zama kashi 40. Wannan kason ba daga kuɗin saye ake cire shi kullum ba, daga abin da ya rage a littafi a farkon shekarar ne. Kuma ba a fara cire N200,000 ɗin nan tukuna. A shekarar farko kashi 40 na N2,000,000 shi ne N800,000, saura N1,200,000. A ta biyu kashi 40 na N1,200,000 shi ne N480,000, saura N720,000. Haka za ka ci gaba.

| Shekara | Raba daidai: an cire | Saura a littafi | Kaso daga saura: an cire | Saura a littafi |
|---|---|---|---|---|
| 1 | 360,000 | 1,640,000 | 800,000 | 1,200,000 |
| 2 | 360,000 | 1,280,000 | 480,000 | 720,000 |
| 3 | 360,000 | 920,000 | 288,000 | 432,000 |
| 4 | 360,000 | 560,000 | 172,800 | 259,200 |
| 5 | 360,000 | 200,000 | 59,200 | 200,000 |

Dubi shekara ta 5 da kyau, domin nan aka fi yin tuntuɓe. Kashi 40 na N259,200 shi ne N103,680. Da an cire shi duka, da littafi ya nuna N155,520, wato ƙasa da N200,000 da aka ƙiyasta za a sayar da janaretan. Don haka N59,200 kawai ake cirewa, a tsaya. Hanyar gane ko ka yi daidai ita ce ka tara duk abin da ka cire a shekara biyar: ta kowace hanya dole ya ba ka N1,800,000. Idan ka ga N720,000 a shekarar farko maimakon N800,000, to ka cire kuɗin sayarwa tun farko, ka haɗa hanyoyin biyu.

A Excel, layin farko zai ba ka 360,000, na biyu kuma 59,200. A layi na biyu, lambar ƙarshe ita ce shekarar da kake nema.

```
=SLN(2000000,200000,5)
=DDB(2000000,200000,5,5)
```

To wace za ka zaɓa? Ka'idar akanta ta IAS 16 ta ce hanyar ta dace da yadda ake cin moriyar kadarar. Gini, tebur da kantar ajiye kaya suna aiki kusan iri ɗaya kowace shekara, raba daidai ta ishe su. Janareta, mota da kwamfuta kuwa sun fi ƙarfi suna sababbi, kuma kuɗin gyaransu yana hawa idan sun kwana biyu. A gare su hanya ta biyu ta fi gaskiya a ganina, domin raguwar daraja tana sauka a daidai lokacin da kuɗin makaniki yake hawa.

Bambancin yakan fito fili ranar sayarwa. A ce an sayar da janaretan N900,000 a ƙarshen shekara ta 2. Mai raba daidai yana da N1,280,000 a littafi, zai rubuta asarar N380,000. Mai cire kaso yana da N720,000, zai rubuta ribar N180,000. Kuɗin da ya shiga aljihu ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne nawa aka riga aka cire daga ribar shekarun baya. Saboda haka kada ka ɗauki darajar littafi a matsayin farashin kasuwa, musamman idan kayan daga waje ake shigo da su kuma canji ya tashi.

Idan ba a farkon shekara aka fara aiki da kadarar ba, lissafa da watanni. Idan janaretan ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, kuma littafi yana rufewa a Disamba, wata 3 ya yi: N90,000 a hanyar farko, N200,000 a ta biyu. Wajen haraji kuma, a Najeriya ba a karɓar waɗannan alƙaluman kai tsaye. Doka tana da nata tsarin rangwame kan kadarori, kuma daban ake lissafa shi.