Yadda Za Ka Gano Daraktoci da Sakataren Kamfani a Takardun CAC Kafin Ka Ba da Kaya Bashi

A ce kai dillalin hatsi ne, kana ɗauko masara daga Saminaka. Wani kamfanin abincin kaji da ke Kakuri a Kaduna ya nemi buhu 600 a kan naira 45,000 kowanne, wato naira miliyan 27, za a biya bayan kwana 30. Ka ce ba ka sakin kaya sai da mai tsayawa. Washegari manajan ya kawo maka takarda daga wani kamfanin sufuri da ke Kawo, mai hatimi da sa hannu, cewa in ba a biya ba su za su biya. A ido komai ya yi daidai. Amma akwai tambaya biyu da hatimi ba ya amsawa: su wane ne doka ta sani a matsayin masu tafiyar da kamfanin farko, kuma mai tsayawar nan wani ne daban ko kuwa mutum ɗaya ne ya sauya riga?

Amsar tana wurin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Ga yadda ake bi.

Fara da lamba, kada ka fara da suna

Ka nemi kowane kamfani ya ba ka lambar rajistarsa. Tana jikin satifiket, kuma yawanci tana saman takardar wasiƙarsu. Dubi haruffan da ke gaban lambar. RC na nufin kamfani ne, mai daraktoci da masu hannun jari. BN na nufin sunan kasuwanci ne kawai aka yi wa rajista, kuma wannan ba shi da darakta ko sakatare, sai mai shi ko abokan tarayya. Duk wanda ya miƙo maka kati an rubuta masa babban darakta alhali lambarsa BN ce, laƙabi ne ya ba kansa.

Sai ka shiga sashen binciken jama'a na shafin CAC, wanda aka rubuta wa Public Search, ka sa lambar. Kyauta ne. Zai nuna maka cikakken suna, ranar rajista da matsayin kamfani, ACTIVE ko INACTIVE. Galibi INACTIVE na nufin kamfanin ya yi sakaci da miƙa rahotonsa na shekara-shekara. Ba hujjar damfara ba ce, amma gargaɗi ne cewa sunayen da za ka gani nan gaba suna iya zama tsofaffi. Ka kuma gwada sunan harafi da harafi da wanda ke kan takardar yarjejeniya, domin kalma ɗaya ta bambanta, kamfani ya bambanta.

Takardar da ke ɗauke da sunayen

Sunanta Status Report. Ita ce ke jera daraktoci, sakatare, masu hannun jari da yawan abin da kowa ya riƙe, adireshin ofis, da ranar da aka naɗa kowane mutum. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ce kamfanin ya fitar maka da sabuwa. Mai gaskiya ba ya jin nauyin wannan, domin banki ma ita yake nema kafin ya buɗe masa asusu. In kuma kuɗin da ke ciki ya kai irin miliyan 27 ɗin nan, ni shawarata ka biya lauya ko wakilin da CAC ta amince da shi ya nemo maka da kansa, saboda takardar da ta biyo ta hannun mai neman bashi ana iya taɓa ta a kwamfuta.

Abu na farko da za ka duba a jikinta shi ne ranar da aka fitar da ita. Rahoton bara labarin bara yake bayarwa. Idan tsohon kamfani ne, za a iya miƙo maka kwafin fom CAC 7 na bayanan daraktoci da fom CAC 2.1 na sakatare. Waɗannan suna nuna yadda abu yake ranar da aka cike su ne kurum. Na sha ganin ana yawo da fom mai ɗauke da sunan dattijon da ya rasu shekaru da dama, 'ya'yansa na ci gaba da harka ba su sanar da hukuma ba.

A misalinmu, a ce rahoton kamfanin Kakuri ya nuna daraktoci biyu, wani Alhaji da ɗansa, sakatariya kuma wata lauya ce mai ofis a titin Ahmadu Bello. Manajan da ka yi wata guda kuna ciniki da shi ba ya ciki ko kaɗan. Wannan ba laifi ba ne, ma'aikaci ne. Sai dai bai kamata yarjejeniyar miliyan 27 ta tsaya a kan sa hannunsa shi kaɗai ba. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020, a sashe na 102, ta ce kamfani na iya zartar da takardar alkawari ko ba hatimi idan darakta da sakatare suka sa hannu, ko daraktoci biyu, ko darakta ɗaya a gaban shaida. To ka nemi ɗaya daga cikin ukun nan, ko kuma rubutaccen ƙudurin daraktoci da ya ba manajan izini. Amfanin wannan a gare ka shi ne doka ta ba mai hulɗa da kamfani damar ɗaukar wanda aka rubuta a CAC a matsayin darakta ko sakatare cewa an naɗa shi bisa ƙa'ida. Gobe kamfani ba zai yi saurin cewa bai san shi ba.

In ka ga darakta ɗaya tal kuma babu sakatare, kada ka firgita. Tun daga 2020 an yarda ƙaramin kamfani ya zauna haka. Ƙarami a dokance shi ne kamfani mai zaman kansa wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan an cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, babu baƙon ƙasa ko gwamnati cikin masu hannun jari, kuma daraktoci ke riƙe da aƙalla kashi 51 cikin 100. Amma ka yi lissafi: kamfanin da ke sayen masarar miliyan 27 duk wata ya zarce wannan iyaka, ya kamata a ga daraktoci biyu da sakatare. Rashinsu na nuna ba a kula da takardu a gidan.

Haka kuma doka ta ba kamfani kwana 14 ya sanar da CAC idan darakta ko sakatare ya sauya. Da yawa ba sa yi. Idan aka ce maka "ai Alhaji ya sauka tun bara" amma sunansa na nan, ka ce a gyara a CAC tukuna, ko a nuna maka takardar murabus da ƙudurin naɗa sabo.

Sauran kujerun da darakta ke kai

Nan ne aikin yake, domin binciken jama'a na CAC da sunan kamfani ko lamba yake aiki. Dole ka haɗa bayanin da hannunka.

Ka fara da abin da ke gabanka: nemo Status Report na kamfanin sufurin Kawo, ka ajiye takardun biyu gefe da gefe. A ce a can ka tarar da daraktoci biyu, wata Hajiya da wani saurayi. Sunan saurayin ya yi kama da na ɗan Alhaji, sai dai a nan an rubuta Mohammed, a can Muhammad, kuma an sa sunan mahaifi a gaba. Wannan shi ne babban tarkon bincike a ƙasar Hausa. Mutum ɗaya na iya fitowa da Abdullahi a wata takarda, Abdulahi a wata, ya ƙara sunan garinsu a ta uku. A ɗaya ɓangaren kuma, masu suna ɗaya sak sun cika Kaduna daga Tudun Wada har Rigasa. Saboda haka kamar suna kaɗai ba ta isa ka ce shi ne ba, bambancin rubutu kuma bai isa ka ce ba shi ba ne. Ƙa'idar da nake bi ita ce sai abu biyu sun dace bayan suna: ranar haihuwa, lambar waya, imel, ko adireshin da ya bayar. A misalinmu, lambar waya da ranar haihuwa sun zo ɗaya. Sakatariyar ma lauyar nan ce.

Game da sakatare a yi hattara. Lauya ɗaya ko ofishin lauyoyi na iya zama sakataren kamfanoni masu yawa da ba su san juna ba, sana'arsu ke nan. Haɗuwar sakatare ita kaɗai ba ta nuna komai. Sai ta zo tare da haɗuwar darakta ko mai hannun jari take da nauyi.

Daga nan ka shiga rajistar ainihin masu mallakar kamfanoni da CAC ta buɗe wa jama'a a 2023, a bor.cac.gov.ng. Tana nuna mutanen da ke da iko a kamfani, waɗanda ake rubuta wa PSC, kuma ana shiga wannan sahu daga kashi 5 cikin 100 na hannun jari ko ƙuri'a. Ka nemi sunan Alhaji da na ɗansa da duk rubutun da ka san ana yi wa sunan. Ka tuna masu iko take nunawa, don haka daraktan da ba shi da hannun jari zai iya ɓacewa a nan. Amma tana kama akasin haka, wato mutumin da ba ya cikin daraktoci alhali shi ke juya kamfani. A ce ka tarar Alhaji ne ke da kashi 70 na kamfanin Kawo.

Akwai shafuka masu zaman kansu da ke kwashe bayanan CAC su bari a nemi mutum da suna. Suna da amfani wajen samun bakin zare, amma bayanansu kan tsufa. Duk kamfanin da suka nuna maka, ɗauki lambar RC ka koma CAC ka tabbatar. In kuma mutumin darakta ne a kamfanin da ke kasuwar hannun jari, rahoton shekara na kamfanin kan kawo tarihinsa da sauran kujerunsa. Sashe na 307 ya hana mutum zama darakta a kamfanonin da jama'a ke sayen hannun jarinsu fiye da 5. Wannan iyaka ba ta shafi kamfanoni masu zaman kansu ba, don haka mutum ya zauna a kujera goma irin na Kakuri da Kawo bai karya doka ba.

Me za ka yi da abin da ka gano

Kamfanonin biyu a dokance mutane biyu ne daban, kuma tsayawar na iya zama halastacciya. Amma aljihunsu ɗaya ne. Ranar da kaji suka mutu ko kasuwar ƙwai ta faɗi, wanda ya kasa biya a Kakuri shi ne za ka je wa a Kawo. Ka koma wurin Alhaji da kansa, cikin mutunci, ka ce: "Ranka ya daɗe, na ga kamfanin da ya tsaya ma naka ne. Ina roƙon ko dai ka tsaya da sunanka a rubuce, ko a kawo garantin banki, ko mu raba kayan gida uku, buhu 200 a kowane zubi, in an biya na farko in sako na biyu." In ya zaɓi tsayawa da sunansa, lauyanka ya rubuta takardar, a sa hannu a gaban shaida, ka haɗa ta da rahotannin biyu a fayil ɗaya tare da ranar da aka fitar da kowanne. Kafin zubi na uku, ka sake duba matsayin kamfanonin a shafin CAC.