Darasi na Tara: Tsamin Jini da Kaurin Jini ga Mai Ciwon Suga

Hanya biyu ce suga yake bi ya kayar da mutum idan ya hau sosai. A katin asibiti ana rubuta ɗaya DKA, ɗayar kuma HHS. A nan za mu kira ta farko tsamin jini, ta biyu kaurin jini.

Mu ɗauki wani saurayi mai shekara 19 da ke yin allurar insulin kullum. Zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ya kasa cin abinci, sai ya ce tunda bai ci ba, babu amfanin allura. Nan ya yi kuskure. Idan babu insulin, suga ba ya shiga tsoka, sai jiki ya koma ƙona kitse. Ƙona kitsen yana barin wani datti mai suna kiton, shi ne ke tsamar da jini. Kafin kwana biyu ga amai, ga ciwon ciki, ga numfashi mai zurfi kamar wanda ya sha gudu alhali yana kwance. Bakinsa yana wari irin na 'ya'yan itacen da suka nuna sosai. Na'urar gwaji ta nuna 450 mg/dL, an kuma ga kiton da yawa a fitsarinsa.

Kaurin jini kuwa a hankali yake lallaɓowa, kuma ya fi kama tsofaffi. Tsohuwa ta yi mako guda ko biyu tana yawan fitsari, ƙishirwa na damunta, jikoki na sayo mata lemon kwalba don tausayi. Jikinta yana da ɗan insulin da ya isa ya hana kiton taruwa, shi ya sa babu wancan numfashi. Amma ruwan jikinta ya ƙare, har lita 8 ko fiye. Harshe ya bushe, ido ya faɗa, ta fara sambatu, wani lokaci ɓarin jiki ya saki, 'yan gida su ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce. Suganta kan haura 600, na'urar gida ma sai ta rubuta HI kawai don lambar ta fi ƙarfinta. Wannan ya fi tsamin jini kisa, domin ana makara kafin a gane shi.

Duka biyun ba a maganinsu a gida. A asibiti da ƙarin ruwa ake farawa, ruwan gishiri ta jijiya, ga babba kamar lita 1 a awar farko. Sai a duba wani sinadari a jini mai suna fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Insulin yana tura shi cikin tsoka, ya ragu a jini. Idan dama ya yi ƙasa aka sa insulin, zuciya na iya tsayawa, don haka sai an ƙara shi tukuna.

Saurayin nan nauyinsa kilo 60 ne. Ana ba da insulin ta jijiya awo 0.1 ga kowane kilo a awa, nasa ya kama awo 6 ke nan. Da sugansa ya sauko wajen 250, nas ta rataya masa ruwa mai suga. Mahaifinsa ya miƙe ya ce, "Malama, yaya za a sa wa mai ciwon suga ruwan suga?" Ta ce, "Baba, suga ya sauka amma tsamin bai tafi ba. Insulin ne ke kore shi, ba za mu tsayar ba, wannan ruwan kuma shi zai hana sugan faɗuwa ƙasa."

Ga tsohuwa ba a gaggawa. Ruwa kaɗai yana saukar da suganta da farko, insulin kaɗan ake sawa daga baya. Idan kaurin jinin ya ragu da sauri, ruwa na iya kwarara cikin ƙwaƙwalwa ta kumbura.

Aikin nas a nan aikin agogo ne. Kowace awa tana gwada suga, ta rubuta ruwan da ya shiga da fitsarin da ya fita. Mai kilo 60 ya kamata ya yi fitsari aƙalla mililita 30 a awa, ƙasa da haka sai a kira likita. Ana maimaita gwajin fotasiyam bayan awa 2 zuwa 4. Tana kiran sunan marar lafiya ta ji ko yana amsawa daidai. Yaro da ya fara kukan ciwon kai ko barci mai nauyi ana tsakiyar magani, a sanar nan take. Tsohuwa kuma a lura ko numfashinta ya yi nauyi saboda ruwa ya yi wa zuciya yawa, a riƙa juya ta, a duba duga-duganta kada kwanciya ta ci su.

Idan saurayin ya fara cin abinci, kiton ya ɓace, sai a yi masa allurar insulin ta ƙarƙashin fata, a jira awa 1 zuwa 2 kafin a cire ta jijiya. In aka cire da wuri, tsamin yana dawowa.