Babi na 7: Takardar neman ɗage jarrabawa ga wanda aka kwantar a asibiti

Darasi na ɗaya: wa ake rubuta wa

To 'yan uwa, ku ɗauko biro da farar takarda guda biyu, ɗaya ta gwaji ɗaya ta gaske. Yau za mu rubuta wasiƙar da ɗalibi ke aika wa rijistara idan an ba shi gado a asibiti ga kuma jarrabawar ƙarshe ta zo. Wasunku na cewa ai mu ba kwaleji muke ba, to amma 'ya'yanku da ƙannenku fa? Mai ƙarin ruwa a hannu ba ya iya riƙe biro, na kusa da gadon shi ke rubutawa, majinyacin ya sa hannu kawai.

Ku fara sanin abu ɗaya, ba a ɗage wa aji gaba ɗaya jarrabawa saboda mutum ɗaya. Abin da ake roƙo shi ne a yi wa wannan ɗalibin uzuri, a ba shi damar rubuta tasa daga baya, kada a sa masa cewa ya ƙi zuwa. Wanda bai zo ba kuma bai sanar ba, faɗuwa ake rubuta masa, ya kwashi kariyoba, wato sai ya sake maimaita kwas ɗin, ga wanda ke shekarar ƙarshe kuwa wannan na iya zama ƙarin shekara guda da ƙarin kuɗin makaranta.

A sama ta hannun dama ka rubuta sashenku da sunan makaranta, a ƙasansu kwanan watan yau. Sai ka sauko layi, ka koma hannun hagu, ka rubuta Rijistara da sunan makarantar. Muƙamin ake rubutawa, ko ka san sunan mutumin kada ka sa. A ƙarƙashi sai ka rubuta "Ta hannun Shugaban Sashe", ka bar fili kamar faɗin yatsa uku, nan ne shugaban sashe zai sa hannu ya buga hatimi. Wasu makarantun suna son ta bi ta hannun shugaban tsangaya ma, ku tambayi sakataren sashe, shi ya san hanyar gidansu. Kar ka tsallake shugaban sashe ka ce kai ofishin rijistara za ka kai tsaye, dawo maka da ita za a yi, ka yi asarar kwana guda a banza.

Darasi na biyu: ranakun nan

Nan ne nake so ku nutsu, don nan ne kusan kowa ke tuntuɓe.

Wanda zai karanta takardarka bai san ka ba, bai je dubiya ba, bai ga idonka ya faɗa ba. Abu biyu zai ajiye a gabansa, wasiƙarka da rahoton likita, ya duba ranar da aka kwantar da kai, ya duba ranar jarrabawa a jadawali, ya ga ko ranar jarrabawar ta same ka a kan gado. In ranakun sun yi daidai magana ta tafi. In sun saɓa, ko da kwana ɗaya ne, sai a fara kokwanto, kuma da zarar an fara kokwanton takarda to wahala ta same ta.

Ga misalin da za mu yi aiki da shi. Wata ɗaliba ce a kwalejin ilimi, shekara ta uku, zangon ƙarshe. Ciwon ciki ya kama ta ran Juma'a 9 ga Agusta 2024, aka yi ta jiƙe-jiƙe a gida Asabar da Lahadi, ran Litinin 12 ga wata aka kai ta asibiti likita ya ce afendiks ne sai tiyata, aka ba ta gado. Tana da jarrabawa biyu a wannan satin, EDU 321 ran Laraba 14 ga wata, HAU 322 ran Juma'a 16 ga wata.

To wace rana za ta rubuta a matsayin ranar kwanciya? Duk ajin da na yi wa wannan tambayar sai an samu masu cewa 9. A'a. 12 ce. Ranar da ciwo ya fara daban, ranar da aka ba da gado daban, kuma asibiti ranar gado suka sani, ita ce a katinsu ita ce a fayil ɗinsu. Ka ɗauko katin, ka ɗora yatsa a kan kwanan watan, ka kwafa. Kada ka rubuta da ka. Ina maimaitawa, kada ka rubuta da ka, mai jinyar da ya kwana uku bai runtsa ba ranaku cakuɗe masa suke yi, ba laifinsa ba ne, shi ya sa muke kwafa daga kati.

Yanzu kowa ya rubuta a takardar gwaji: Litinin, 12 ga Agusta, 2024. Sunan rana, lambar rana, sunan wata, shekara. Guda huɗu. Ƙirga da yatsa ka gani ko naka sun cika huɗu. In uku ne, nemo wanda ya ɓace, yawanci shekara ce ake mantawa. Madalla, sake rubutawa sau biyu. Ba komai in hannu na rawa, a hankali ake saba wa.

Banda "shekaranjiya", banda "Litinin ɗin da ta wuce". Takardar nan tana iya yin sati uku tana yawo daga tebur zuwa tebur, mai karantawa shekaranjiyar wa zai ƙirga? Watan Musulunci kuma, eh a Safar abin ya faru, amma jadawalin makaranta da katin asibiti duk da watan Bature suke aiki, saboda haka shi za ku sa. In ka ga likita ya rubuta 12/8/2024, lambar farko rana ce, ta biyu wata, wato 12 ga watan takwas. A taka wasiƙar rubuta sunan watan da harufa don kar wani ya juya shi.

Ranar jarrabawa ma haka, daga jadawalin da aka manna a allon sanarwa za a kwafo, ko a sa ɗan aji ya ɗauki hotonsa da waya ya turo. Kowane kwas da lambarsa da ranarsa, a layinsa daban. Lambar kwas yadda take a jadawalin haka za ka kwafe ta, baƙi-baƙi, EDU 321, kar ka ce "jarrabawar Malam wane", malamin na iya koyar da kwas uku.

Gaskiya wani lokacin raina na ɓaci. Mun yi wannan a allo, mun yi a ƙasa da tsinke, an ce an gane, sai a kawo min takarda shafi biyu cike da labarin yadda ciwo ya taso da dare da yadda aka rasa ɗan sahu da wanda ya biya kuɗin allura, amma ranar kwanciya babu! Haba jama'a. Tausayin da kuke nema ai ranar ce za ta jawo muku shi. Wanda ya san bai rubuta ranakunsa uku ba, 12 da 14 da 16, ya tsaya nan ya rubuta kafin ya juya shafi, ba tsere muke ba.

Darasi na uku: wasiƙar kanta

Ga ta nan yadda yayar ɗalibar ta rubuta a bakin gado. Inda kuka ga ɗigo-ɗigo ku sa naku.

Sashen Hausa,
Kwalejin Ilimi ta ......
13 ga Agusta, 2024.

Rijistara,
Kwalejin Ilimi ta ......

Ta hannun Shugaban Sashen Hausa.

Ranka ya daɗe,

NEMAN A ƊAGE MINI JARRABAWA SABODA KWANCIYA A ASIBITI

Sunana ......, mai lambar rijista ......, ɗalibar shekara ta uku a Sashen Hausa.

An kwantar da ni a asibitin ...... ranar Litinin, 12 ga Agusta, 2024, aka yi mini tiyata, kuma har yanzu ba a sallame ni ba. Saboda haka ba zan samu damar rubuta waɗannan jarrabawoyi ba:

EDU 321, ranar Laraba, 14 ga Agusta, 2024.
HAU 322, ranar Juma'a, 16 ga Agusta, 2024.

Ina roƙon a yi mini uzuri, a ba ni damar rubuta su a lokacin da makaranta ta ga ya dace, ba tare da an ɗauke ni a wadda ta faɗi ba. Na haɗa da rahoton likita.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Ni ce ɗalibarka,
sa hannu, cikakken suna, lambar rijista, lambar waya.

Kun ga ba ta kai shafi ɗaya ba. Ku lura da kwanan watan sama, 13, kwana ɗaya bayan kwanciya, kwana ɗaya kafin jarrabawar farko. Haka ake so, a sanar tun kafin a shiga ɗakin jarrabawa in da hali. In ciwo ya yi tsanani ba a samu yi ba sai daga baya, a rubuta kwanan watan gaskiya na ranar da aka rubuta, kada a mayar da shi baya, hatimin ofis zai tona. Makarantu suna da wa'adin kai irin wannan takarda kuma ba iri ɗaya ba ne, yana cikin littafin dokokin ɗalibai, jami'in jarrabawa na sashe ma ya sani.

Yawancin ofisoshin manyan makarantu a Najeriya da Turanci suke karɓar wasiƙa. Ku rubuta taku da Hausa tukuna yadda muka yi, sannan ku ba wanda ya iya ya juya, in ya gama ku karɓa ku duba lambobin da kanku, 12 da 14 da 16 da lambar rijista, su ba sa canzawa ko da wane harshe ne. Ɗora yatsa a kati, ɗora ɗaya a wasiƙa, ka gwada.

Darasi na huɗu: rahoton likita

Katin asibiti ko rasit ɗin magani ba ya isa. Ku roƙi likitan da ke duba majinyacin ya rubuta rahoto a takardar asibiti mai tambari, da sa hannu da hatimi. Kafin ku bar wajen ku duba sunan, ya zama irin wanda ke katin shaidar makaranta, ku duba ranar kwanciya. Makarantu da yawa sai asibitin cikin makaranta ya duba rahoton ya tabbatar kafin a karɓa, ku biya ta can.

Darasi na biyar: kaiwa

A yi hoton komai kofi biyu. In an karɓa a ofis, ku miƙa kofi ɗaya a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata, ku adana a leda. Amsa takan jima don sai kwamiti ya zauna, bayan sati ɗaya a leƙa wajen jami'in jarrabawa a ji inda ta kwana.

Aikin gida: an kwantar da ɗanka ran Talata 20 ga Agusta 2024, jarrabawarsa ran Alhamis 22. Rubuta masa wasiƙar, ka ja layi a ƙarƙashin kowane kwanan wata, ka kawo ran Asabar.