Layi uku kafin ka tura doguwar wasiƙar imel

A wurin aiki a ƙasar waje, sau da yawa za a yi ta musayar imel tsakanin mutum biyu har saƙo ya kai goma sha biyar, sai a ce maka ka tura wa wani na uku. Sabon zuwa yakan danna Forward, ya sa adireshi, ya aika haka nan ba ko kalma. Wanda ya karɓa zai ga "FW:" ko "Fwd:" a kan take, sai tarin rubutu a ƙasa, kuma a yawancin manhajoji sabon saƙo ne a sama, tsohon yana can ƙarshe. Dole ya gangara ƙasa ya karanto zuwa sama kafin ya gane inda aka dosa, shi ya sa yakan ajiye shi sai ya samu lokaci. Lokacin kuwa ba ya zuwa.

Maganin shi ne ka rubuta layi biyu ko uku a saman saƙon, waɗanda za su faɗi abin da ake magana a kai, abin da kake so ya yi, da ranar da kake buƙatar amsa. A ce kun yi mako biyu kuna musayar saƙo da kamfanin da ya kawo wa ofis kujeru, yanzu za ka tura wa mai kula da kuɗi. Bayan gajeriyar gaisuwa, ma'anar abin da za ka rubuta ita ce: "Kamfanin ya kawo kujeru 18 maimakon 20, ya kuma amince zai rage kuɗin biyun. Amincewar tana cikin saƙonsu na ranar Talata, na uku daga sama. Don Allah a dakatar da biyan tsohuwar takardar kuɗin har sabuwa ta iso, a sanar da ni kafin Juma'a." Nuna masa ainihin saƙon da hujjar take ciki shi ne ya fi rage masa wahala, kuma shi aka fi mantawa.

In ba ka buƙatar komai daga gare shi, faɗa masa cewa don ya sani ne kawai. In ka yi shiru, ko dai ya ɗauka aiki ka ba shi, ko ya ɗauka ba ruwansa alhali shi ake jira.

Kafin ka danna Send, karanta zaren, wato jerin saƙonnin duka, tun daga ƙasa. Duk abin da aka faɗa zai tafi tare, har da ƙorafin da abokin aikinka ya yi a kan mutumin da za ka tura wa, ko lambar waya da batun albashin wani. Kana iya goge abin da bai shafe shi ba, amma ka ambata cewa ka taƙaita, kuma kada ka taɓa kalmomin wani. Duba maƙalallun takardu ma: Forward yana ɗaukar na saƙon da ka tura ne, wanda aka maƙala tun farkon zaren sau da yawa ya riga ya faɗi a hanya lokacin da aka yi ta Reply, sai ka sake maƙala shi da hannunka. In taken ya tsufa, gyara shi ya dace da buƙatar yanzu.