Darasi na 7: Ɗan rubutun nan na ƙasan linki, daga ina yake fitowa?

In ka yi sacin a Google za ka ga kowane linki da ɗan rubutu layi biyu ko uku a ƙasansa. Mutane da yawa sun ɗauka mai shafin ne ya zaɓa, to yawanci ba shi ba ne, injin ne ke tsinkowa daga cikin shafin, kuma abin da ka rubuta a akwatin nema shi yake bi. Shi ya sa shafi ɗaya zai nuna maka wani rubutu, ya nuna wa na kusa da kai wani daban.

Tun kafin ka tambaya injin ya riga ya ziyarci shafin ya ajiye kwafinsa. Da ka rubuta kalmominka sai ya duba inda suka fi taruwa a cikin kwafin, ya yanko wajen, ya kaurara kalmomin da suka yi daidai da naka, sannan ya datse gwargwadon faɗin sikirin ɗinka, a kwamfuta wajen harufa 150 zuwa 160.

Bari mu ce wani mai dankalin turawa a Farin Gada yana da shafi. A sama ya rubuta "Muna sayar da dankali a Farin Gada, Jos", can ƙasa kuma "Kuɗin kai buhu Abuja naira 5,000". Kai kuma ka nemi "kuɗin buhun dankali Jos". Abin da zai iya fito maka shi ne "dankali a Farin Gada, Jos ... buhu Abuja naira 5,000". Ka ga ɗigon nan uku? Alama ce an tsallake wani abu a tsakani, jimla biyu aka haɗa, 5,000 ɗin kuɗin mota ne ba kuɗin dankali ba, in ka ɗauki waya ka kira da wannan farashin ai dariya za su yi maka. Ko da ma farashin ne, kwafin zai iya zama na watannin baya.

Mai shafi ma yana da ta cewa, amma kaɗan. Yana iya sa taƙaitaccen bayani a cikin kod ɗin HTML na shafin:

```html
<meta name="description" content="Dankali sari daga Jos">
```

Injin zai ɗauka ne kawai in ya ga ya fi rubutun shafin dacewa da tambayar, ba dole ba ne. Tun 2019 kuma akwai data-nosnippet, da shi ake hana a tsinko wani sashe.

Aikin gida: ka nemi abu ɗaya da kalmomi iri biyu, ka samo linkin da ya fito duka sau biyun, ka kwafe rubutun ƙasansa a littafinka. Sannan ka buɗe shafin ka nemo abin da ɗigo ukun suka ɓoye, ka zo da shi aji.